Darasi na Tara: Neman Bayani da Amincewar Mai Kaya Kafin Lokaci Ya Ƙure

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya abubuwa huɗu:

1. Gane abin da ya tsayar masa da aiki, da wanda amsar take hannunsa.
2. Fitar da wa'adi ta hanyar lissafin kwanakin aiki.
3. Tsara saƙon neman bayani ko amincewa cikin ladabi, ba tare da ɓoye wa'adin ba.
4. Sanin matakin da zai ɗauka idan wa'adi ya cika bai sami amsa ba.

Gabatarwa

Kasuwar Katako tana yankin Laranto a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. An san ta da 'yan katako, da 'yan hatsi, da masu sayar da gwanjo. Inda ake sayar da katako kuwa ba a rasa masu injin yanka, da kafintoci, da masu feshin fenti. Yawancin aikin kafinta na oda ne: mutum ya zo ya faɗi abin da yake so, a yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami, a sa ranar karɓa, ya tafi. Wannan mutum shi muke kira mai kaya a cikin darasin nan.

Matsalar takan fara ne bayan tafiyarsa. Kafinta ya ɗauki tef da fensir zai zana yanka, sai ya ga akwai awon da ba a ba shi ba, ko launin da ba a tsayar ba. Ya kira waya a ce masa za a duba. Kwanaki su yi ta tafiya, ranar karɓa kuma tana nan inda aka sa ta. In ranar ta zo kaya ba su kammala ba, babu mai tuna cewa an kira shi bai ba da amsa ba. Abin da za a ce shi ne kafinta ya saɓa alkawari.

Za mu bi misali guda ɗaya daga farko har ƙarshe. Na kafinta ne, amma tela, da magini, da mai walda, da mai buga takardu, duk za su ga nasu a ciki.

Misalin da za mu bi

Wata Hajiya mazauniyar Bauchi za ta aurar da 'yarta a Jos. Ta zo Katako ta ba wani kafinta aikin kayan ɗaki: gado na madaci da durowar gefe guda biyu, da wadirof, da madubi. Ta biya kafin alƙalami. An tsayar cewa za a yi jere ranar Alhamis 21 ga Agusta a gidan ango da ke Rikkos. Da kafinta ya tambayi girman ɗaki da na katifa sai ta ce, "Ai ɗaki ne babba, katifar ma babba za a saya. Launi kuma sai na tambayi yarinyar." Ta shiga mota ta koma Bauchi.

Yau Alhamis 31 ga Yuli. Saura makonni uku cif, kuma kafinta bai yanka ko guntun katako ba.

Mataki na farko: ware abin da ya tsayar da aiki

Ba kowane abin da ba ka sani ba ne yake hana ka aiki. Idan ka jero wa mai kaya tambayoyi goma, zai amsa masu sauƙi ya bar masu nauyi. Saboda haka ka zauna ka tambayi kanka: mene ne ba zan iya taɓawa ba sai na sami amsa?

A wajen kafintanmu abubuwa uku ne.

Na farko girman katifa. Katifun da ake sayarwa a Nijeriya suna da awo daban-daban, kuma cikin waɗanda ake saya wa amare akwai ƙafa 6 da 6 da kuma ƙafa 6 da 7. Kowacce a cikinsu ana iya ce mata babba, amma ƙafa guda ce tsakaninsu. Gadon da aka yi wa ƙafa 6 ba zai karɓi mai ƙafa 7 ba. Wanda aka yi wa ƙafa 7 kuma, in aka sa masa mai ƙafa 6, zai bar rami a gefe.

Na biyu awon ɗaki da na ƙofa. A ce katifar mai faɗin ƙafa 7 ce. Jikin gado zai ƙara kamar inci 4. Durowar gefe kowacce ƙafa 1 da inci 6, biyu sun zama ƙafa 3. Jimilla ƙafa 10 da inci 4 ke nan a jikin bango ɗaya. Ɗakin da magini ya ce ƙafa 10 ne ba zai ɗauke su ba, balle ma bayan filasta yakan ɗan gaza haka. Ita ma ƙofa, faɗin da aka bari a gini ba shi ne faɗin da kaya za su bi ba, domin firam ya ci wani abu. Awon ƙofa shi zai gaya wa kafinta ko zai haɗa wadirof a shago, ko zai yi shi gunduwa-gunduwa ya haɗa a cikin ɗaki.

Na uku launin fenti. Wannan ba bayani ba ne da za a auna da tef. Amincewa ce, wato sai wani ya duba ya ce na yarda.

Abin da ya sa waɗannan ukun suka fi sauran nauyi shi ne ba a komawa baya a kansu. Falanki yana zuwa da awon ƙafa 4 da 8. Gefen wadirof mai tsawon ƙafa 7 da zurfin kusan ƙafa 2 ana fitar da guda biyu daga falanki ɗaya. In an yanka sannan aka ce a ƙara zurfi da inci 2, waɗancan gefunan sun tashi aiki, kuma daga yanzu kowane falanki gefe ɗaya zai bayar. Kuskuren inci biyu ya ci falanki uku maimakon ɗaya. Amma irin hannun durowa, ko mai zagaye ne ko dogo, ana iya sauya shi da sukundireba cikin minti kaɗan. Bai kamata ya shiga sahun tambayoyin gaggawa ba.

Malaman fiƙihu ma, da suka yi magana a kan cinikin abin da za a ƙera, wanda ake kira istisna'i, sun sharɗanta a bayyana nau'in abin, da girmansa, da siffarsa, don gudun jayayya. Ke nan kafintan da ya nace sai an ba shi awo ba tsaurin kai yake yi ba. Cinikin ne bai gama tsayuwa ba.

Mataki na biyu: wa ke riƙe da amsa?

Sau da yawa wanda ya ba da aiki ba shi ke da amsar ba. A misalinmu Hajiya ce ta yi ciniki. Mijinta ne zai sayi katifa. Amarya ce za ta zaɓi launi. Makullin gida kuma yana hannun ango.

A nan ne ya kamata mai sana'a ya yi amfani da sanin al'ada. Me ya hana Hajiya aiko da awon ɗaki? Ba mantuwa ba ce. Kunyar surukuta ce. Ba za ta ɗauki waya ta kira saurayin 'yarta ta ce ya auna mata ɗaki ba. Kafinta zai iya tuna mata sau goma, awon ba zai zo ba, domin ya ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Abin da zai nema a wajenta shi ne lambar wani daga ɓangaren ango, ƙaninsa ko abokinsa, shi kuma ya je Rikkos da tef ɗinsa ya auna da kansa. Katako zuwa Rikkos duk cikin Jos ne, kuɗin Keke ne kawai. Awon da ya ɗauka da hannunsa kuma ya fi wanda za a karanto masa ta waya.

Ƙa'idar ita ce: kafin ka matsa wa mutum, bincika abin da ya sa ya yi shiru, ka sauƙaƙa masa amsar. Tambayar da za a amsa da kalma ɗaya ko da lambar waya ta fi saurin dawowa a kan wadda take buƙatar tafiya da shawarar dangi.

Game da amincewa kuwa, ka nemi a tsayar maka da mutum ɗaya wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Idan amarya ta ce fari, gwaggonta ta ce ruwan ƙasa, ka bi ɗaya daga ciki da ra'ayinka, kai za ka sha faɗan ɗayar. Ka mayar da maganar ga wadda kuka yi ciniki da ita, ta faɗi wanda za a bi.

Mataki na uku: fitar da wa'adi

Wa'adin da aka faɗa da ka, kamar "a turo da wuri" ko "cikin satin nan", ba ya motsa kowa. Wa'adi mai ƙarfi shi ne wanda aka lissafo daga aikin kansa. Ana farawa daga ranar ƙarshe, a riƙa ja da baya.

Ga yadda kafintanmu ya yi nasa, yana cire Lahadi daga kwanakin aiki:

- Alhamis 21 ga Agusta: jere.
- Laraba 20: kai kaya Rikkos da haɗa su a ɗaki.
- Talata 19: rarar kwana ɗaya saboda abin da ka iya tasowa.
- Juma'a 15 zuwa Litinin 18: feshi da bushewa.
- Asabar 9 zuwa Alhamis 14: haɗawa da gugar samfefa, kwanakin aiki biyar.
- Alhamis 7 da Juma'a 8: yanka da fere a wajen masu inji.
- Laraba 6: sayen katako da falanki.

Tunda ranar Laraba 6 zai shiga kasuwa sayayya, dole awo ya kasance a hannunsa kafin ya rufe shago ranar Talata 5 ga Agusta. Wannan shi ne wa'adin farko.

A lura da kwanaki huɗu, har da Lahadi, da ya ware wa feshi da bushewa. Jos tana kan tudu, tsayinta ya kai kimanin mita 1,200, ga sanyi, kuma Yuli da Agusta su ne tsakiyar damina. Fenti yana jinkirin bushewa cikin laima, wani irin ma yakan yi hazo-hazo fari a fuska idan an fesa shi ana tsaka da danshi. Mai feshi yakan jira rana ta buɗe. Da a watan Maris ne, lokacin zafi da bushewar iska, da kwanakin sun ragu. Mai kaya da ke zaune a wani gari bai san wannan ba sai an gaya masa.

A lura kuma cewa launi yana da nasa wa'adin. Ba a buƙatarsa ranar yanka. Ranar Alhamis 14 za a sayi fenti a haɗa, don haka Laraba 13 ta isa. Idan kafinta ya ɗaure launi da wa'adin 5 ga wata, ya matsa wa amarya a kan abin da bai kai ga matsi ba, kuma ranar da Hajiya ta gane haka za ta daina ɗaukar wa'adinsa da muhimmanci. Amma da wadirof ɗin na allon da yake zuwa da launinsa daga kamfani ne, to launin ya zama sharaɗin sayayya, wa'adinsa ya dawo 5 ga wata. Kayan aiki su ke yanke wa'adi.

Mataki na huɗu: tsara saƙo

Saƙo mai kyau yana ɗauke da abubuwa biyar: gaisuwa, da inda aiki ya tsaya, da abin da ake nema a jere, da rana da dalilinta, da abin da zai biyo baya in ranar ta wuce. Ga wanda kafinta ya tura wa Hajiya ta WhatsApp ranar 31 ga Yuli:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da yamma. Yaya gida, yaya hidimar biki? Allah ya sa a yi lafiya.

Kafintanki ne na Katako. Na gama zanen kayan ɗaki, amma ban fara yanka ba saboda ina jiran abu uku.

1. Katifa: ƙafa 6 da 6 ce ko 6 da 7?
2. Awon ɗaki: ba sai kin wahalar da kanki ba. A ba ni lambar ƙanin ango ko abokinsa, ni zan je Rikkos in auna.
3. Launi: gobe zan ba direba a tashar Bauchi Road guntayen katako uku da na fesa, na rubuta 1, 2, 3 a bayansu. Wanda aka zaɓa a faɗa mini lambarsa.

Na ɗaya da na biyu ina buƙatarsu zuwa Talata 5 ga Agusta da la'asar, domin Laraba zan sayi katako. Na uku yana iya kaiwa Laraba 13.

Hajiya, na lissafa kwanakin aikin, rarar kwana ɗaya kawai gare mu saboda damina. In Talata ta wuce za mu ci rarar, daga nan kowane kwana da aka ƙara zai tura ranar kai kaya gaba, ni kuma ba na son ranar jere ta zo ina ba ki haƙuri. Na gode, ranki ya daɗe."

Mu duba abin da ya yi. Tambayar katifa ya mai da ta zaɓi tsakanin abu biyu, ba ta buƙatar dogon bayani. Ya sa lamba a kan kowace buƙata, yadda in an amsa biyu aka bar ɗaya zai iya cewa "saura ta biyu". Ya ambaci rana da kwanan wata da lokaci. Ya faɗi sakamakon jinkiri ba tare da zargi ba: bai ce "kin ƙi turowa" ba, cewa ya yi "ina jira".

Batun guntayen katako ma yana da dalili. Hoton launi a waya ba abin dogaro ba ne. Kowace waya da yadda take nuna launi, kuma hoton da aka ɗauka a inuwar rumfa daban yake da wanda aka ɗauka a rana. Kayan aure kuwa mata za su kewaye su suna dubawa. Samfurin da aka riƙe a hannu shi ke kashe gardama. Kafinta ya ajiye kwafin kowane guntu a shago da lamba iri ɗaya.

Idan mai kaya ba ya karatu, ko ya fi sakewa da magana, a tura saƙon murya, amma a bi shi da rubutu gajere mai ɗauke da lambobi da ranaku. Saƙon murya yana da wuyar nema bayan mako biyu, kuma "shida" da "bakwai" sukan ɓace cikin ƙarar injin yanka.

Amsar da ba amsa ba ce

Akwai maganganun da mutane ke yi don ladabi, mai sana'a kuma ya ɗauke su a matsayin izini. "To, ba komai." "Yi yadda ka ga ya dace." "Ai kai ne gwani." Duk waɗannan suna da daɗin ji, amma ranar da kaya suka ƙi shiga ɗaki ba wanda zai tsaya a kansu. Haka ma alamar da ke nuna an buɗe saƙo, ko hoton babban yatsa da aka turo. Ba ka san ko wace tambaya aka amsa ba.

Maganin shi ne maimaitawa. In an ce maka ka yi yadda ka ga ya dace, ka rubuta: "To Hajiya, zan yi gado na katifa 6 da 7, launi lamba 2. In haka ne ki ce mini e." Sai ta ce e sannan magana ta tsaya. In ta waya aka yi maganar, kana ajiyewa ka tura taƙaitaccen abin da kuka tsayar.

Wasu sukan rubuta, "In ban ji daga gare ku ba zuwa Talata, zan ɗauka kun yarda." A yi hattara da wannan. Yana da amfani a kan abin da ake iya gyarawa, kamar hannun durowa. Ba ya da amfani a kan yanka ko feshi, sai fa in tun ranar ciniki kun yi yarjejeniya a kan haka. Shirun mutum ba yardarsa ba ce. Wataƙila wayarsa ta lalace, ko an yi masa rasuwa.

Tuni, da abin yi in wa'adi ya cika

Kada a jira ranar wa'adi kafin a yi tuni, kada kuma a riƙa kira kullum. Kafintanmu ya bi wannan tsari. Ranar Asabar Hajiya ta amsa ta ɗaya: katifa 6 da 7 ce, har an saya. Ta biyu shiru. Ranar Litinin 4 ga wata ya tura layi biyu: "Hajiya ina kwana. Na ga amsar katifa, na gode. Saura lambar wanda zai buɗe mini gida, gobe Talata ne wa'adin." Ranar Talata da hantsi ya kira da baki, domin abin da rubutu bai fitar ba murya takan fitar.

Lambar ba ta zo ba sai Laraba da dare. Ranar Laraba da safe, tun kafin ta zo, ya tura wannan:

"Hajiya, barka da asuba. Jiya wa'adin awo ya cika. Yau zan sayi madacin gado in fara shi da madubi, tunda su ba sa jiran awon ɗaki. Wadirof da durowar gefe na dakatar. In na auna gobe Alhamis, za mu ci rararmu ta kwana ɗaya amma kaya za su isa 20 ga wata in Allah ya yarda. In ya wuce gobe, gado da madubi za su isa ranar jere, wadirof zai biyo baya."

Wannan saƙo ya yi abu uku. Ya shaida cewa wa'adi ya wuce a ranar da ya wuce, ba bayan mako biyu ba. Ya ci gaba da ɓangaren da ba a tsare ba, don kada yaran shago su zauna. Ya kuma faɗi sabon lissafi, yadda Hajiya za ta ga abin da kwana ɗaya zai jawo tun tana da damar hana shi.

Ranar Alhamis 7 ya je Rikkos. Bangon da gado zai jingina ya auna ƙafa 9 da inci 10. Gado da durowa biyu suna buƙatar ƙafa 10 da inci 4, wato sun fi bangon da inci 6. Nan take ya ɗauki hoton tef a jikin bango, ya tura wa Hajiya da zaɓi biyu. Ko a yi durowa ɗaya, jimilla ƙafa 8 da inci 10, a sami sararin ƙafa guda. Ko a yi biyu amma a rage kowacce zuwa ƙafa 1 da inci 2, jimilla ƙafa 9 da inci 8, su shiga da ƙyar. Ya ce yana son amsa kafin azahar ɗin Juma'a, domin masu inji. Ta zaɓi biyu ƙanana, ta rubuto. Da ya yi yanka a kan "ɗaki ne babba", da ranar jere aka gano wannan, gaban dangin ango da na amarya.

Akwai lokacin da shiru yakan yi tsawo har aiki ya gagara. A nan mai sana'a yana da haƙƙin ya sanar cewa ya matsar da aikin baya ya ɗauki na wani, kuma za a sa sabuwar rana in amsa ta zo. Shago ba rumbun ajiya ba ne. Kayan da aka fara aka ajiye suna cin wuri, suna shan laima, kuma alhakinsu yana wuyan kafinta. 'Yan kasuwar Jos ba sa buƙatar a gaya musu haɗarin ajiya: babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, ita ma Katako ta ƙone a rikicin Nuwamban 2008. Saboda wannan dalili kuma, littafin oda kada ya zama shi kaɗai ne shaida. A ɗauki hoton shafin da aka rubuta awo da ranaku, a tura wa mai kaya, ya kasance kowa yana da nasa.

Rigakafi tun ranar ciniki

Yawancin wannan wahala ana iya kauce mata kafin mai kaya ya bar shago. A rubuta a littafin oda abin da ya rage a kawo, da wanda zai kawo shi, da ranar. A karɓi lambar mutum na biyu. A faɗa a fili cewa kwanakin aiki suna fara ƙirguwa ne daga ranar da awo ya cika, ba daga ranar da aka ba da kafin alƙalami ba. Mai kaya da ya ji wannan sharaɗi da kunnensa ranar ciniki ba zai ɗauki tuni a matsayin rashin kunya ba.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne suka tsayar da aikin kafinta? Wanne ne bayani, wanne ne amincewa?
2. Me ya sa wa'adin launi ya bambanta da na awo? A wane hali za su zama rana ɗaya?
3. Me ya hana Hajiya aiko da awon ɗaki, kuma yaya kafinta ya warware matsalar?
4. Da katifar ƙafa 6 da 6 ce, gado da durowa biyu masu ƙafa 1 da inci 6 za su shiga bangon ƙafa 9 da inci 10? Nuna lissafinka.
5. A wane irin abu ne ya halatta ka ce "in ban ji ba zan ci gaba"? Kawo misali daga sana'arka.

Aikin yi

(a) Ɗauki wani aiki da ke hannunka yanzu. Rubuta ranar miƙa shi, ka ja da baya mataki-mataki har ka fitar da ranar da dole amsa ta iso gare ka.

(b) Wani magidanci a Farin Gada ya ba ka aikin ƙofofi shida, amma magini bai gama firam ba, kuma ba a gaya maka ɓangaren da kowace ƙofa za ta buɗe ba. Yana son tarewa nan da kwana 20. Rubuta masa saƙon da bai wuce layi goma ba, mai ɗauke da abubuwa biyar da aka koya.

(c) Ku kasu biyu-biyu a aji. Ɗaya ya zama mai kaya mai cewa "yi yadda ka ga ya dace", ɗaya ya zama mai sana'a da zai fitar da tabbatacciyar amsa daga bakinsa cikin ladabi. Bayan minti biyar ku yi musaya, sauran ɗalibai su faɗi jimlar da ta fi aiki da dalilinsu.